Dakatarwa don bincike: wanda ba a kama da laifi ba, me zai ci kafin a gama?

Ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, shekara shida yana kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Wata safiyar Litinin aka ƙirga kaya, aka ga katan 40 na man girki sun yi ɓatan dabo. Mutum uku ke riƙe da mukullin siton, amma shi ke sa hannu a littafin shiga da fita, don haka shi aka kira ofishin manaja. Kafin azahar an karɓi mukulli da katin shaidarsa, an miƙa masa takarda mai layi huɗu. Ta ce an dakatar da shi ba albashi, daga ranar, har sai an kammala bincike. Ba ta ce wa zai yi binciken ba, ba ta ce yaushe za a gama ba.

Da daddare ya zo gidana da takardar a ninke cikin aljihu. Ya ce, "Yaya, an kore ni ne ko ba a kore ni ba?"

Wannan tambaya ita ce dukan maganar. Na ce masa ba a kore shi ba, kuma haka doka take. Sai ya ce, "To in ba a kore ni ba, me ya sa ba za a biya ni ba?" A nan ne na ga ya fi manajan nasa fahimtar dokar aiki, ko da yake bai taɓa buɗe ta ba.

Ra'ayina shi ne, duk wanda aka dakatar domin a yi bincike a kansa, haƙƙinsa ne a ci gaba da biyansa, kuma tilas a rubuta ranar da dakatarwar za ta ƙare. Abubuwan nan biyu a ɗaure suke da juna. Mai aikin da albashi ke fita daga asusunsa kowane ƙarshen wata zai matsa wa masu bincike su gama. Wanda kuwa ya tsayar da albashi ba abin da ke cizonsa, binciken zai iya kwana shekara a cikin durowa.

Ruɗanin yana farawa ne daga kalmar kanta. Dakatarwa iri biyu ce, amma suna ɗaya muke kiransu da shi. Akwai dakatarwar horo: an ba ma'aikaci takardar tuhuma, ya amsa, an saurare shi, an same shi da laifi, sai aka ce ya zauna gida mako biyu ba albashi maimakon a sallame shi. Wannan hukunci ne, yana zuwa ne bayan an gama bincike. Akwai kuma dakatarwar bincike: ba a san komai ba tukuna, ana so ne kawai a janye mutum daga wurin don kada ya taɓa takardu, ko ya tsorata masu shaida, ko ɓarnar ta ci gaba in har shi ke yinta. Wannan tana zuwa ne kafin a san gaskiya.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta san wannan bambanci. Sashe na 17 ya ɗora wa mai aiki nauyin bai wa ma'aikacinsa aikin yi, in kuma ma'aikacin ya zo a shirye bai ba shi ba, to ya biya shi kamar ya yi aikin wannan rana. Sashen ya cire hali biyu. Na farko, wani abin gaggawa na ɗan lokaci da ya fi ƙarfin mai aikin, shi ma an ƙayyade shi da mako guda sai in jami'in ƙwadago ya yarda a tsawaita. Na biyu, idan an dakatar da ma'aikacin a matsayin horo saboda laifi. A lura da kyau, horo aka ce. Ba a ambaci bincike ba. Wanda ake bincike a kansa ba a hore shi ba, domin ba a kai ga cewa ya yi laifi ba.

Sai dai wannan doka ba kowa take rufa wa asiri ba. Sashe na 91 ya taƙaita ma'anar ma'aikaci ga masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, ya fitar da manajoji da masu gudanarwa da ƙwararru irin su injiniyoyi da lauyoyi. Mai kula da sito kamar ƙanena yana ciki. Manajan reshen banki ba ya ciki, shi abin da zai dogara da shi shi ne takardar ɗaukarsa aiki, da kundin ƙa'idojin ma'aikata, da hukunce-hukuncen kotu.

Kotunan kuwa sun yi magana. Shari'ar da lauyoyi suka fi ambata ita ce ta Bernard Longe da First Bank. Shi ne shugaban bankin, aka dakatar da shi a Afrilun 2002 kan wani babban bashi da aka bayar a cinikin kamfanin sadarwa na NITEL, sannan a watan Yuni hukumar daraktoci ta zauna ta cire shi ba tare da an aika masa sanarwar taron ba. Hujjar bankin ita ce, ai an dakatar da shi, ba shi da hurumin a gayyace shi. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce a'a. Dakatarwa ba ta yanke igiyar aiki, tana tsayar da mutum ne daga gudanar da ayyukansa na ɗan lokaci. Longe yana nan darakta a ranar taron, don haka rashin sanar da shi ya rushe cirewar. Shekara takwas aka yi kafin a kai ga wannan hukunci, kuma wannan ma abin lura ne ga duk mai tunanin cewa kotu za ta share masa hawaye kafin kuɗin haya ya zo.

Daga wannan tushe sauran ya biyo. In yarjejeniyar aiki tana raye, to alkawarin biyan albashi ma yana raye, sai in yarjejeniyar da kanta ta ce akasin haka. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsaya a kan cewa mai aiki ba shi da ikon dakatar da ma'aikaci ba albashi idan ba a ba shi wannan iko a cikin sharuɗɗan aikin ba. Ke nan tambayar farko da ya kamata wanda aka dakatar ya yi ita ce: ina aka rubuta? Ya ɗauko takardar ɗaukarsa aiki, ya ɗauko kundin ƙa'idoji in an taɓa ba shi, ya nemi inda aka ce ana iya dakatar da shi ba biya ko da rabin albashi. In babu, kuɗinsa cikakke bashi ne a wuyan kamfani, wata bayan wata. In akwai, to kotu za ta girmama abin da ya sa wa hannu, amma za ta duba ko an bi sharaɗin yadda aka rubuta shi. Kundin da ya ce dakatarwa ba za ta wuce kwana 30 ba bai ba kowa izinin wata bakwai ba.

Akwai wata hujja da nake ganin ta fi duk waɗannan ƙarfi, kuma daga bakin masu kamfanonin take fitowa. Idan ma'aikaci ya yi ƙorafin cewa an dakatar da shi ba a saurare shi ba, amsar da ake ba shi ita ce, ai ba hukunci ba ne, bincike za a yi, lokacin sauraro yana gaba. Kotuna ma sun yarda da haka, ba dole ba ne a saurari mutum kafin a dakatar da shi domin bincike. To shi ke nan. Amma ba a cin biyu. In ba hukunci ba ne har ya sa ba a bukatar jin ta bakinsa, to ba hukunci ba ne a ranar biyan albashi ma. Hana magidanci abincin iyalinsa na wata da watanni horo ne mai tsanani, ya fi yawancin horon da kundin ƙa'idoji ke tanada wa wanda aka kama dumu-dumu.

Na san abin da mai kamfani zai ce, kuma ba zan raina shi ba. Ya yi asarar kaya, yana zargin mutumin nan, sai kuma a ce ya riƙa tura masa albashi yana zaune a gida? Da ciwo. Wani ƙaramin kamfanin ma sai ya ɗauki wani ya riƙe wurin, ya biya mutum biyu kan aiki ɗaya. Amma mafita tana hannunsa. Ba duk zargi ne ke bukatar a kori mutum gida ba. Ana iya karɓe mukulli a mayar da shi wani sashe inda ba ya taɓa kaya ko kuɗi, yana aiki ana biyansa. In kuwa dole sai ya zauna gida, to a gaggauta. Binciken katan 40 na man girki aikin kwana nawa ne? A tara takardun fitar da kaya, a gwada su da littafin sito da rajistar mai gadi a bakin ƙofa, a kira direbobi, a tambayi rassan da aka kai wa kaya. Odita mai himma zai gama wannan cikin mako biyu. Albashin mako biyu ba ya karya kamfani.

Wani abin da ake fakewa da shi shi ne 'yan sanda. A kai ƙara caji ofis, sannan a ce ba za a iya komai ba sai kotu ta yanke hukunci, shari'ar laifi kuwa kowa ya san yadda take jan ƙafa. Ga kamfani mai zaman kansa wannan ba uzuri ba ne. Tun a shari'ar Yusuf da Union Bank ta 1996 Kotun Ƙoli ta nuna cewa mai aiki ba sai ya jira an gurfanar da ma'aikaci an same shi da laifi ba kafin ya sallame shi kan babban rashin ɗa'a, muddin ya ba shi damar kare kansa. Wato ƙofar yanke shawara a buɗe take. Wanda ya bar mutum a rataye shekara biyu da sunan jiran kotu, zaɓinsa ne ya yi.

To yaushe dakatarwa ta yi tsawo? Ga ma'aikatan kamfanoni, Dokar Ƙwadago ba ta faɗi adadin kwanaki ba, kuma wannan shi ne babban ramin da ke cikinta. Abin da ake da shi shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010, a sashe na 254C, ya ba ta hurumin shari'o'in aiki ita kaɗai, har da ikon duba rashin adalci a mu'amalar aiki da gwada shi da abin da ake yi a duniya. Wannan kotu ta sha ɗaukar dakatarwar sai-baba-ta-gani, musamman marar albashi, a matsayin rashin adalci, wani lokaci ma ta ɗauke ta a matsayin kora ta bayan gida, ta ba da umarnin a biya albashin da aka riƙe. Amma alƙali yana duba kowace shari'a ne da halinta. Ma'aikacin da ke zaune gida a wata na uku ba shi da wani layi a doka da zai nuna wa manaja ya ce an ƙetare shi.

A aikin gwamnati an fi ƙoƙarin sa awo. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, bugun 2008 wanda daga baya aka sabunta, sun tanadi hanya biyu. A ta farko, idan an tuhumi jami'i da laifin da zai iya kai shi ga kora, ana iya tsayar da shi daga aiki yana karɓar rabin albashinsa, in aka wanke shi a mayar masa da rabin da aka riƙe. A ta biyu, idan aka ga alamar laifi mai nauyi ƙarara, ana dakatar da shi ba albashi gaba ɗaya. Wannan ta biyun ban yarda da ita ba, domin alamar laifi ba laifi ba ce. Amma ƙa'idojin sun ɗaure ta da wa'adi: duk matakin ladabtarwa a fara shi a gama cikin kwana 60, sai fa in maganar ta shafi shari'ar laifi.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya da dama, kamar ta Jami'ar Ilorin. Wanda aka dakatar yana kan rabin albashi. Kafin wata uku su cika, dole majalisar gudanarwar jami'a ta zauna ta zaɓi ɗaya: ta mayar da shi, ta sallame shi, ta yi masa horo mai sauƙi, ko ta ci gaba da dakatarwar. In ta zaɓi ci gaba, tana da wasu wata uku kacal ta yanke hukuncin ƙarshe. Abin da ya yi kyau a nan shi ne an sa rana, kuma an faɗi wanda zai zauna a ranar ya amsa. Dakatarwar ba ta sabunta kanta a shiru.

Ko da yake, rubuta wa'adi daban, kiyaye shi daban. Mun gani a sama, inda kowa ke kallo. An dakatar da Mai Shari'a Ayo Salami daga shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara a Agustan 2011. A Mayun 2012 Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda ita ta dakatar da shi, ta ba da shawarar a mayar da shi. Bai koma kujerar ba har ya yi ritaya a Oktoban 2013. A Afrilun 2017 aka dakatar da Babachir Lawal daga muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya, aka ba kwamitin bincike kwana 14, amma sai a ƙarshen Oktoba aka sanar da sallamarsa. Ba ina magana kan wanda ke da gaskiya a cikin waɗannan ba ne, kuma masu irin waɗannan muƙamai ba sa kwana da yunwa don an tsayar da su. Abin da ke damuna shi ne darasin da ƙananan ofisoshi ke ɗauka: cewa dakatarwa hanya ce ta kawar da mutum ba tare da an ɗauki nauyin korarsa ba.

A ƙasa kuwa, inda ba kyamara, abin ya fi muni. Na ga yadda watanni bakwai suka yi da ƙanena. Albashinsa naira 120,000 ne. A wata na biyu ya sayar da babur ɗinsa. Ya nemi aiki a wani kamfani, suka ce ya kawo takardar barin aiki daga inda ya fito, ba shi da ita, domin bai bar aikin ba. Ya je wajen kamfanin da ke riƙe da fanshonsa, saboda ya ji dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba ya ciri kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa. Suka ce ya kawo takardar sallama. Wanda aka kora yana da wannan ƙofa, yana da kuɗin sanarwa, wato albashin da ake biya a madadin sanarwar sallama, yana iya neman wani aiki da rana tsaka. Wanda aka dakatar ba albashi ba shi da ko ɗaya. Ga kuma unguwa, inda kowa ya ji an ce kaya sun ɓace a hannunsa, kuma kowace safiya ana ganinsa a ƙofar gida.

Sau biyu ya ce zai rubuta takardar ajiye aiki ya huta. Na hana shi. Sau da yawa abin da ake jira ke nan, mutum ya gaji ya tafi da ƙafarsa, a rufe fayil ba a biya komai ba, zargin kuma ya bi shi. Maimakon haka muka riƙa rubuta wa kamfanin wasiƙa duk ƙarshen wata, gajera: yana nan a shirye ya koma aiki, yana roƙon a sanar da shi inda bincike ya kwana, yana neman albashinsa na watan. Kowace wasiƙa kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a ɗaya ya dawo da ita gida. Muka duba takardar ɗaukarsa aiki layi-layi, ba inda aka ambaci dakatarwa ba biya. Kundin ƙa'idoji kuwa ba a taɓa ba shi ba, bai sa hannu a kan komai ba.

Abin da nake so Majalisar Tarayya ta sa a Dokar Ƙwadago ba mai yawa ba ne, kuma ya shafi kowane ma'aikaci, ba masu aikin ƙarfi da akawu kaɗai ba. Takardar dakatarwa ta faɗi zargin, ta faɗi ranar ƙarewa. Kwana 30 da cikakken albashi sun ishi yawancin bincike. In akwai dalili, kamar binciken asusu mai sarƙaƙiya, a ƙara a rubuce tare da faɗin dalilin, amma kada jimilla ta wuce wata uku. Ranar da wa'adi ya cika ba a yanke komai ba, mutum ya koma bakin aikinsa kai tsaye. Rabin albashi, in ma za a yarda da shi, sai wanda aka rubuta tun ranar ɗaukar aiki, kuma a mayar da abin da aka riƙe idan ba a sami laifi ba. Kafin majalisa ta motsa, ƙungiyoyin ƙwadago na iya sa waɗannan sharuɗɗa a yarjejeniyarsu da kamfanoni, kuma duk mai karɓar sabon aiki ya nemi a ba shi kundin ƙa'idoji ya karanta babin ladabtarwa kafin ya sa hannu.

A farkon wata na takwas aka kira ƙanena. Wani sabon odita ya gano katan 40 ɗin an loda su zuwa wani reshe a wani gari, takardar fitarwar ce ba a shigar a kwamfuta ba. Aikin yini biyu ya yi. Amma an riga an sa wani a siton, don haka aka ce za a sallame shi da albashin wata ɗaya a madadin sanarwa. Wannan kam haƙƙinsa ne, domin sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ba wanda ya yi shekara biyar ko fiye sanarwar wata guda. Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Wata bakwai sau 120,000 ya kama naira 840,000, a haɗa da kuɗin sanarwa ya zama 960,000, ban da kason fanshon da ba a zuba masa ba duk tsawon lokacin.

Lauya ya rubuta musu, ya haɗa da kwafin wasiƙu bakwai masu hatimi. Suka ce za su biya wata huɗu da kuɗin sanarwa, naira 600,000, da takardar da ke nuna ba a same shi da laifi ba. Lauyan ya ce in aka je Kotun Ma'aikata yana da kyakkyawan zaton a ci sauran, amma a shirya wa jira. Na so ya je. Ya dube ni ya ce, "Yaya, mai gida ya ba ni zuwa ƙarshen wata, yara biyu kuma suna gida ba makaranta." Ya karɓa, ya sa hannu cewa ba ya bin su komai, ya bar musu naira 360,000.